Yadda na warware saɓanin bugun jinin Baba tsakanin hannu da na'ura

Kwana uku a jere na'urar awon hawan jini tana nuna bugun zuciyar Baba 88 a minti, ni kuwa in na ƙirga da hannu sai in samu 72. Hankalina ya tashi, don yana shan maganin zuciya.

Kuskuren farko nawa ne. Da babban yatsa nake taɓa shi, alhali shi ma babban yatsa yana da nasa bugun. Na koma amfani da manuniya da yatsan tsakiya, a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ina dannawa a hankali. In ka matsa da ƙarfi, jijiyar ta toshe, bugun ya ɓace.

Na biyu shi ya fi ba ni wahala kafin in gane. Daƙiƙa 15 nake ƙirgawa in ninka sau huɗu, wato bugu ɗaya in ya kuɓuce mini, huɗu na rasa. Ga shi kuma ina gwada hannu bayan ya huta, na'ura kuwa da zarar ya shigo daga masallaci.

Sai na ce, "Baba, ku zauna ku huta minti biyar tukuna." Na ɗaura masa na'urar a hagu, ina ƙirga minti guda cur a dama. Hannu 75, na'ura 76.

A cikin mintin nan na ji bugun ya yi tsallake sau biyu. Na rubuta shi da ranarsa, na kai wa likitansa.