Kurakuran da aka fi yi wajen ciro hasashen kasuwa daga farashin ofshin

Ofshin yarjejeniya ce da ke ba ka damar saye ko sayar da kadara a farashin da aka tsayar tun farko, wato farashin ƙulli. Tun 1978 masana Breeden da Litzenberger suka nuna cewa idan kana da farashin ofshin na saye, wato kol, a farashin ƙulli daban-daban masu wa'adi ɗaya, za ka iya gano nauyin da kasuwa ta ɗora wa kowane farashi a ranar cikar wa'adin. Lissafin gajere ne:

```
f(K) ≈ exp(r*T) * (C(K-h) - 2*C(K) + C(K+h)) / h^2
```

A nan C farashin kol ne, K farashin ƙulli, h tazarar da ke tsakanin ƙulli da ƙulli, r kuɗin ruwa, T lokacin da ya rage kafin wa'adi, f kuwa nauyin da ake nema. Abin da ke cikin babban baka shi ne kuɗin cinikin da ake kira malam-buɗe-littafi: ka sayi kol ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ka sayar da biyu a tsakiya. Wahalar ba ta cikin lissafin, tana cikin farashin da ake zuba masa.

Babban kuskure shi ne a ɗauko ɗanyen farashi daga allo a zuba kai tsaye. Mu ƙaddara ofshin ɗin SPX ne, wato na ma'aunin hannun jarin Amurka S&P 500, mai wa'adin wata ɗaya, kol na 4950 yana 132.0, na 5000 yana 101.5, na 5050 yana 75.0. Malam-buɗe-littafin ya kama 4.0. Raba shi da 2500, ka samu 0.0016, ka ninka da tazarar 50: kusan kashi 8 cikin ɗari ke nan cewa farashi zai tsaya tsakanin 4975 da 5025. To yanzu a ce kowane farashi ya kauce da 0.5 saboda giɓin da ke tsakanin tayi da sallama. Na tsakiya sau biyu ake ƙirga shi, don haka kuskuren na iya kai 2.0, rabin amsar dungurungum. Mai neman ƙarin daidaito sai ya matse tazarar zuwa 5, nan kuwa abin ke ƙara dagulewa: malam-buɗe-littafin gaskiya ya koma 0.04, bai ma kai 0.10 ba, wanda shi ne ƙaramin matakin da farashin irin wannan ofshin ke motsawa. Alamar ciwon a bayyane take: zane mai haƙora kamar zarto, wasu wurare har ƙasa da sifili.

Gyaran shi ne hanyar da Shimko ya kawo a 1993. Juya kowane farashi zuwa ma'aunin hawa da sauka da tsarin Black-Scholes ke fitarwa, ka ja lanƙwasa mai santsi a kansu, ka mayar da ita farashin kol a matakai ƙanana, sannan ka yi lissafin. Kada ka haɗa ɗigo da ɗigo da miƙaƙƙen layi, domin duk mahaɗa za ta fito da tsini na ƙarya. Kada kuma ka tilasta wa lanƙwasar ta bi ta kan kowane ɗigo. Ya isa ta ratsa tsakanin tayi da sallama. Tsarin SVI na Gatheral, mai ma'auni biyar kacal, yana wannan aiki sosai.

Zaɓen ofshin ɗin ma akwai tarko. Farashin cinikin ƙarshe yana iya zama na sa'o'i uku da suka wuce, don haka ɗauki tsakiyar tayi da sallama, duka a daƙiƙa ɗaya, ka watsar da wanda ba shi da tayi. Ƙasa da farashin gaba, wato farashin da ake tsayarwa yau don cinikin ranar wa'adi, yi amfani da ofshin na sayarwa, wato fut, sama da shi kuma kol, don nan ciniki ya fi gudana. Shi kansa farashin gaban a ciro shi daga kasuwar, da `C - P = exp(-r*T)*(F - K)`, inda P farashin fut ne, F kuma farashin gaban. Idan aka sa farashin yau a madadinsa, za a ga tsagi daidai inda fut da kol suka haɗu. Ka'idar kuma ta ofshin irin na Turai ce, wanda ba a cika shi sai ranar wa'adi. SPX haka yake, na SPY kuwa, asusun da ke bin S&P 500, irin na Amurka ne da ake iya cikawa kafin wa'adi, sai an cire darajar cikawa da wuri.

Bayan ƙulli na ƙarshe babu bayani, wutsiyar zato ce kawai, a faɗi hakan ga mai karanta zanen. Kafin ka yarda da sakamako duba abu uku: jimillar ta kai 1, matsakaicin ya dace da `F`, babu inda ya sauka ƙasa da sifili. Jimillar 0.96 na nufin wutsiya ta guntule.

Kuskuren da ya fi damun mu shi ne na fassara. Wannan rarrabuwa ba zallar hasashe ba ce, a cikinta akwai ladan inshora. Masu hannun jari suna biyan fut da tsada don kare kansu daga faɗuwa, sai gefen hagu ya kumbura. Idan zanen ya ba faɗuwar kashi 10 yiwuwar kashi 5 cikin ɗari, ma'anarsa takardar da za ta biya dala 1 in faɗuwar ta auku ana sayar da ita kusan santi 5. Ga sanya wa ciniki farashi, lambar daidai take. Ga kintacen abin da zai faru kuwa, yawanci ta zarce gaskiya a gefen faɗuwa.