Yadda Ake Tantance Shafin Intanet da Insakulofidiya Kafin a Kafa Hujja da Su a Aikin Tarihi

Ɗalibin da aka ba jinga a darasin tarihi yakan fara da rubuta sunan batun a injin bincike, ya buɗe shafi na farko ko na biyu da ya bayyana, sannan ya kwashe abin da ya gani. Matsalar ita ce injin bincike ba ya jera shafuka bisa gaskiyar abin da ke cikinsu, kuma shafi goma suna iya faɗin magana ɗaya alhali dukansu daga wuri guda suka kwafo ta. Saboda haka aikin tantancewa a tarihi ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda: wannan magana daga ina ta fito, kuma wa ya fara faɗinta? Za mu bi matakan da misalin hajjin Mansa Musa, sarkin Mali, wanda ya yi a shekarar 1324, domin batu ne da shafukan intanet suka cika da shi, ingantattu da marasa inganci.

Mataki na farko shi ne ka bar shafin kafin ka nutsa cikin karanta shi. Wannan yana iya zama baƙon abu, amma kyawun tsari, tambari da rubutu marar kuskure ba su da wuyar samarwa, kuma abin da shafi ya faɗa game da kansa a sashen About bai wuce shaidar mutum a kan kansa ba. Ka buɗe wata taga, ka rubuta sunan shafin ko na marubucin, ka ga abin da wasu suka ce a kansu. Shin marubucin masanin tarihi ne da ke koyarwa ko yake da littattafai a fannin, ko kuwa ba a ma sa suna ba? Shafin na gidan adana kayan tarihi ne, ko na jami'a, ko na masu neman a yawaita shiga domin talla? Wani bincike da Sam Wineburg da Sarah McGrew suka yi a Jami'ar Stanford a 2017 ya nuna cewa ƙwararrun masu tantance labarai haka suke yi, suna fita daga shafi da wuri su bincika shi daga waje, kuma sun fi ɗalibai da ma wasu malaman tarihi saurin gano gaskiyar shafin, domin su ɗaliban da malaman sun tsaya suna nazarin kamanninsa. Kada ƙarshen adireshi ya ruɗe ka: kowa yana iya yin rajistar .org ko .com, sannan ko a ƙarƙashin .edu akan sami shafin da ɗalibi ya rubuta, ba tare da wani ya duba masa ba.

Bayan ka san mai magana, sai ka ware maganganun da kake son amfani da su, ɗaya bayan ɗaya, domin shafi guda yana iya haɗa gaskiya da ƙarin gishiri a sakin layi ɗaya. A kan Mansa Musa za ka ci karo da maganganu huɗu kusan ko'ina: cewa ya yi hajji a 1324 ya bi ta Alƙahira, cewa kyautar zinariyar da ya yi ta karya darajarta a Masar, cewa mutum 60,000 ne suka raka shi, da kuma cewa dukiyarsa ta kai dala biliyan 400, wadda ta sa ya fi kowa arziki a tarihin duniya. Shafuka da yawa suna kawo su a jere da murya ɗaya, kamar nauyinsu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma bin sawun kowace shi zai nuna hakan.

A nan ne insakulofidiya take da amfani, muddin an san yadda ake karanta ta. Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, kowa yana iya gyara yawancin maƙalunta, kuma ita da kanta tana gargaɗin cewa kada a ɗauke ta a matsayin madogara a aikin ilimi. Duk da haka ta fi shafuka da yawa gaskiya ta fuska ɗaya, wato tana nuna inda ta samo magana da yadda aka yi ta sauya rubutun. Ka duba ƙaramar lambar da ke ƙarshen jimlar da kake so, ka latsa ta, ka ga littafi ne na masani da lambar shafi, ko maƙalar mujallar ilimi, ko kuwa rahoton jarida ne kawai. Idan ka ga alamar [citation needed], ma'anarta ita ce wani mai gyara ya lura cewa jimlar ba ta da madogara, don haka ka ajiye ta har sai ka same ta a wani wuri. Daga nan ka shiga View history, inda za ka ga ranar kowane gyara da abin da aka sauya. Idan adadi ko shekara suna ta canzawa tsakanin masu gyara a 'yan makonni, to akwai saɓani a kansu. Shafin Talk kuma shi ne inda masu gyara suke muhawara, kuma sau da yawa a can ne ɗalibi zai fara gane wace magana ce masana ba su daidaita a kanta ba. Insakulofidiya irin su Britannica suna da editoci, kuma yawancin manyan maƙalunsu suna ɗauke da sunan marubuci da ranar gyara, wanda hakan ya ƙara musu nauyi, sai dai su ma taƙaitawa suke yi, kuma tsohuwar maƙala tana iya zama a baya da abin da bincike ya gano daga baya.

Yanzu mu bi maganganun nan zuwa tushensu. Shekarar hajjin da ratsawa ta Alƙahira marubutan Larabci na ƙarni na 14 sun kawo su, don haka suna tsaye da ƙafafunsu. Batun faɗuwar darajar zinariya yana komawa ne ga al-Umari, malamin Dimashƙa da ya rasu a 1349, wanda ya tattara labarin daga bakin mutanen Alƙahira da suka yi hulɗa da sarkin, kimanin shekara 12 bayan ziyarar. Abin da ya rubuta shi ne miskalin zinariya, wanda a da ba ya sauka ƙasa da dirhami 25, ya koma bai wuce 22 ba. Ka lura da girman saukar: dirhami 3 cikin 25, wato kashi 12 cikin ɗari. Wannan sauyi ne na gaske, amma ya yi nisa da abin da wasu shafuka suke rubutawa cewa tattalin arzikin Masar ya ruguje. Ɗalibin da ya je ga tushe zai rubuta abin da al-Umari ya ce da adadinsa, ya kuma ambaci cewa marubucin ji ya yi, bai gani da idonsa ba.

Adadin mutum 60,000 kuwa yana cikin Tarikh al-Sudan, wanda al-Sa'adi ya rubuta a Timbuktu wajajen 1655, fiye da shekara 300 bayan tafiyar, kuma wasu tsofaffin majiyoyi sun ba da adadi daban da ya yi ƙasa da wannan sosai. Wannan bai sa a jefar da littafin ba, domin muhimmin tushe ne na tarihin yankin, amma ya wajaba a rubuta cewa “a cewar al-Sa'adi”, a kuma faɗi tazarar zamanin, maimakon a kawo adadin kamar ƙidaya aka yi. Shi kuwa dala biliyan 400, idan ka bi shi baya daga jarida zuwa jarida, za ka tarar ya tsaya ne a wani shafin intanet mai lissafa dukiyar shahararrun mutane, wanda ya fitar da jerinsa a 2012. Babu wani kundi na zamanin Mansa Musa da ya ƙididdige dukiyarsa, kuma babu hanyar da za a mayar da mulkin ƙasa mai ma'adinan zinariya a ƙarni na 14 zuwa dalar yau ba tare da ƙiyasi marar tushe ba. A ganina wannan adadi bai dace da aikin tarihi ba ko kaɗan, sai dai idan jingar tana magana ne a kan yadda ake ƙirƙirar almara game da mutanen da.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani, wato madogara mai zagaye. Wani ya saka magana marar tushe a Wikipedia, ɗan jarida ya kwafa ba tare da ya faɗi inda ya samo ba, sannan wani mai gyara ya kawo rahoton jaridar a matsayin madogarar jimlar. Hanyar gano shi ita ce kwatanta ranaku: ka duba a View history ranar da jimlar ta fara shiga maƙalar, ka kwatanta da ranar da aka buga rahoton, idan jimlar ta riga shi, to rahoton ba shaida ba ne. Haka nan idan ka ɗauki jimla guda ka sa ta tsakanin alamun zance a injin bincike, za ka ga shafuka nawa ne suke ɗauke da ita kalma da kalma, kuma duk waɗannan murya ɗaya ce, ba shaidu masu yawa ba.

Hotuna ma suna buƙatar irin wannan bincike. Zanen Mansa Musa da aka fi yaɗawa, yana zaune da kambi yana riƙe da dunƙulen zinariya, daga taswirar Katalan ta 1375 aka ciro shi, wadda aka zana a tsibirin Mayorka bayan rasuwarsa. Yana nuna yadda labarin arzikin Mali ya kai Turai, amma ba shaida ba ne a kan kamanninsa ko tufafinsa.

Idan ka sami sunan littafi ko maƙala daga manazartar insakulofidiya, kada ka kwafe shi cikin aikinka ba tare da ka buɗe shi ba, domin yakan faru jimlar ta faɗi fiye da abin da littafin ya faɗa. Ka neme shi a ɗakin karatu, ko a Google Books, Google Scholar, JSTOR ko archive.org, ka karanta shafin da aka ambata tare da na gabansa da na bayansa. Wannan littafin shi za ka kawo a matsayin madogara. In kuwa dole ne ka ambaci shafin intanet ɗin kansa, ka rubuta marubuci, take, adireshi da ranar da ka duba, domin shafuka suna canzawa ko su ɓace. A Wikipedia, Permanent link yana ba ka adireshin ainihin sigar da ka karanta, sauran shafuka kuma kana iya adana kwafinsu a web.archive.org ta hanyar Save Page Now, yadda malamin da zai duba aikin zai ga daidai rubutun da ka gani a ranar da ka gan shi.