Kurakuran fitar da layukan tsayi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Legas

Wanda ya saba da tuddan Jos, in ya zo Legas ya fitar da layukan tsayi, wato layukan da ke haɗa wurare masu tsayi ɗaya, don taswirar titi, abin da zai fara gani shi ne layuka masu haƙora kamar zarto. Dalili yana cikin bayanan ne. SRTM, wato hoton tsayin ƙasa da aka auna daga sararin samaniya, na ajiye tsayi da cikakkiyar mita a gida-gida, kowane gida kuma faɗinsa kusan mita 30. A wajen Lekki zuwa Epe, in ƙasa ta hau mita 1 cikin tafiyar mita 500, gidaje wajen 17 a jere za su ɗauki lamba ɗaya, sannan lambar ta yi tsalle. Layi sai ya bi gefen gidajen yana lanƙwasa kamar matakala.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar hoton tsayin yadda yake, a kama goge layukan da Smooth na manhajar taswira ta QGIS. Wannan yana gyara kowane layi shi kaɗai, bai san da maƙwabcinsa ba, don haka inda layuka suka matsu, kamar gefen gada, sai su taɓa juna ko su gitta. Layin mita 4 da ya ratsa na mita 6 ƙarya ce tsagwaronta. Hoton ake fara gyarawa. A mai da shi ma'aunin mita na shiyyar Legas, a kuma ba shi damar ɗaukar ɓarin mita:

```
gdalwarp -t_srs EPSG:32631 -tr 30 30 -r bilinear -ot Float32 srtm.tif legas.tif
```

Daga nan a bi shi da r.neighbors na manhajar GRASS, method=average, size=5, a ajiye sakamakon da sunan goge.tif. Kowane gida zai ɗauki matsakaicin tsayin fili mai faɗin mita 150. A nan ne ya kamata a yi hattara: duk magudanar ruwa ko cikon titi da bai kai wannan faɗin ba zai dushe, kuma su ne ke nuna inda kwalbati zai zauna. In an kai size=11, an share mita 330, taswira ta yi kyau a ido amma ƙasar ta ɓace. Sai a fitar da layukan:

```
gdal_contour -a tsayi -i 2 -off 0.5 goge.tif layuka.gpkg
```

Rabin mitar nan ta -off 0.5 na kauce wa cikakkun lambobin da suka rage.

Ƙananan zobba da suka cika Ikeja ko Victoria Island galibi rufin gini ne da kan bishiya, domin SRTM da Copernicus GLO-30, wani hoton tsayi irinsa, saman abu suke aunawa. A duba hoton tauraron ɗan'adam kafin a cire su.

Kada a nemi tazarar rabin mita daga SRTM. Kuskurensa na tsayi yakan kai mitoci da dama. Ya isa a zaɓi hanyar da titi zai bi, amma gangaren kwata da tsayin kwalbati sai safiyo ya je ya auna.