Yadda kitse ke taruwa a jijiyar zuciya, da abin da ke sa wani kullutun ya fashe

Sau da yawa a Sakkwato za ka ji an ce wane ya yi sallar asuba lafiya ƙalau, kafin hantsi ya dafe ƙirji ya faɗi. Sai a ce ai ba ya ciwon komai. Alhali a mafi yawan lokuta ciwon ya shekara ashirin ko talatin yana ginuwa a bangon jijiyar da ke kai wa tsokar zuciya jini, wadda faɗinta bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, kaurin murfin da ke rufe da kullutun kitsen ya fi girman kullutun muhimmanci wajen sanin ko zai fashe.

Matakin farko yana faruwa ne a shimfiɗar cikin jijiya. Wannan shimfiɗa layi ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, santsi gare ta, ita ke hana jini daskarewa kuma ita ke tace abin da zai shiga bango. Hawan jini, hayaƙin sigari da ciwon suga suna gajiyar da ita, musamman a inda jijiya ta rabu biyu ko ta yi kwana, domin a nan jini ba ya gudu a miƙe.

Da shimfiɗar ta yi rauni, sai kolestarol, wani nau'in kitse da ke yawo a jini, irin wanda takardar gwaji ke rubutawa LDL, ya riƙa ratsa ta yana shiga cikin bangon. Wato kitsen a cikin naman bango yake zama, ƙarƙashin shimfiɗa. A can yake maƙalewa, ya gurɓace, jiki ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu. Sai fararen ƙwayoyin jini su bi shi ciki, su rikiɗe su zama masu haɗiya, waɗanda likitoci ke kira makrofaj. Suna haɗiyar kitsen ba ƙoshi har su kumbura. Alamar farko wani ɗan zane ne rawaya a bango, ana samunsa ma a jikin samari 'yan ƙasa da shekara ashirin, kuma ba ya sa ciwo.

Idan LDL ya ci gaba da yawa a jini, ƙwayoyin da suka cika da kitse sai su mace a wurin, ba a kwashe gawarsu ba. Kitse da matattun ƙwayoyi su haɗu su zama wani taushin abu a tsakiya. Jiki kuma sai ya yi ƙoƙarin killace shi: ƙwayoyin tsokar bango su matso sama, su saƙa murfi da wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin. Kullutu ya kammala ke nan, kamar maruru, ruɓaɓɓen abu a ciki, fata a sama, sai dai wannan bakinsa yana fuskantar hanyar jini.

Akwai wani abu da ke ɓoye ciwon shekara da shekaru. A 1987 Seymour Glagov da abokan aikinsa suka nuna cewa jijiya tana buɗewa ta waje yayin da kullutu ke girma, hanyar jini ba ta fara tsukewa sosai sai kullutun ya cinye kusan kashi 40 cikin 100 na filin jijiyar. Ciwon ƙirji lokacin aiki kuwa yakan bayyana ne idan faɗin hanyar ya ragu da kusan kashi 70. Tsakanin nan da can, mutum yana harkarsa ba ya jin komai.

Yanzu ga tushen maganar. Murfin nan kullum ana saƙa shi, kullum ana cin sa. Ƙwayoyin tsoka suna ƙara zare, su kuma makrofaj suna fitar da sinadaran da ke narkar da shi. Idan kumburi ya yi ƙarfi a cikin kullutun, wasu fararen ƙwayoyin suna hana masu saƙar aiki, wasu masu saƙar ma su mutu, ci ya rinjayi saƙa. Murfin da kaurinsa bai kai maikuromita 65 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, shi ne mai haɗari, balle idan ruɓaɓɓen tsakiyar babba ne. Ya fi yagewa a gefe, inda ya haɗu da lafiyayyen bango, don a nan ƙarfin bugun jini ke taruwa kuma a nan makrofaj suka fi yawa.

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara 52 mai shago a babbar kasuwar Sakkwato, yana shan sigari, awon jininsa 160/100, yana shan magani yau ya bari gobe. Yana da kullutu biyu. Na farko ya tsuke hanya da kashi 75, amma murfinsa mai kauri ne, ya yi tauri. Shi ne ke sa ya ji nauyi a ƙirji in ya ɗauki kaya ko ya yi sauri, ya tsaya minti biyar abin ya lafa. Na biyu kashi 40 kawai ya tsuke, bai taɓa damunsa ba, amma cike yake da taushin kitse, murfinsa siriri. Wata safiya, lokacin da awon jini da bugun zuciya ke tashi bayan farkawa, murfin na biyun ya tsage. Jini ya taɓa abin da ke ciki, wanda ke ɗauke da sinadarin da ke tayar da daskarewa. Ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini idan an yanke suka manne a wurin, zaren daskarewa ya ɗaure su, cikin mintuna gudan jini ya toshe hanyar gaba ɗaya.

Daga nan lokaci ake lissafi. Bayan minti 20 zuwa 30 babu jini, tsokar zuciya takan fara mutuwa daga ciki tana yowa waje, cikin 'yan sa'o'i ɓarnar ta game yankin, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. Ba kowace tsagewa ke kai nan ba: wani lokaci gudan ƙarami ne, ya warke a kan kullutun ya ƙara masa girma. Akwai kuma inda murfin bai fashe ba, shimfiɗar samansa ce ta saɓule jini ya daskare a kai, an fi ganin haka a mata masu ƙarancin shekaru da masu shan sigari.

Yadda za a bambance: ciwon da ke zuwa da aiki ya tafi da hutu na tsukewa ne, a ga likita a kansa ba da jinkiri ba. Wanda ya zo ana zaune, ya wuce minti 15 zuwa 20, kamar an danne ƙirji, da gumi mai sanyi, tashin zuciya, ko ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, a ɗauka fashewa ce. Babban kuskuren da ake yi shi ne a ce olsa ce, a sha maganin ciki a kwanta. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata sukan zo da haki ko kasala kawai. A zaunar da mutum, a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna, in dai jikinsa ba ya ƙin maganin kuma ba ya zubar da jini, a garzaya da shi inda ake gwajin bugun zuciya da ake kira ECG, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kada ya tuƙa mota ko babur da kansa. Allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin sa'a 12, kuma ta fi amfani a sa'o'i biyu zuwa uku na farko.

Magungunan rage kolestarol da ake kira istatin ba sa share kullutu, kaɗan suke rage girmansa. Babban aikinsu shi ne rage LDL da kumburi, tsakiyar ta daina ƙaruwa, murfin ya samu damar yin kauri. Shi ya sa mai shan su ba zai ji wani canji a jikinsa ba, kuma ba a dakatar da su don gwaji ya nuna kolestarol ya sauka, domin da an bari, cikin 'yan makonni LDL ke komawa inda yake.