Yadda Ake Neman Waya da Agogo, da Neman Agogo da Waya

Agogon zamani da wayar da aka haɗa shi da ita suna magana da juna ne ta Bluetooth, kuma zangon wannan magana bai cika wuce mita 10 ba a cikin gida, inda bango da ƙofofi ke rage masa ƙarfi. Wanda ya riƙe wannan zai san me ya sa wani lokaci waya ke amsawa nan take, wani lokaci kuma a yi ta danna maɓalli shiru. Saboda haka kafin ka danna komai, fara duba ko na'urorin biyu suna haɗe har yanzu.

Idan waya ce ta ɓace

A Apple Watch, danna maɓallin gefe don buɗe Control Center. A tsofaffin agoguna da ba su kai watchOS 10 ba, ana jan fuskar agogon ne daga ƙasa zuwa sama. Idan ka ga ƙaramin hoton waya kore a can sama, wayarka tana kusa. Taɓa maɓallin da ke da hoton waya mai fitar da sauti, za ta yi ƙara ko da an kashe mata sauti. Idan ka ɗora yatsa a kansa ka riƙe, fitilar kyamara za ta riƙa walƙiya tare da ƙarar, abin da ke taimakawa sosai a ɗaki mai duhu. Masu Series 9 ko Ultra 2 zuwa sama, tare da iPhone 15 ko wadda ta biyo bayanta, suna da ƙarin gata a yawancin samfura: agogon na nuna tazara da kuma ɓangaren da za a nufa.

A Galaxy Watch da Pixel Watch, jawo fuskar agogon daga sama zuwa ƙasa, ka nemi alamar neman waya a cikin maɓallan da suka fito. A Garmin kuwa, Find My Phone na cikin jerin maɓallan gaggawa, kuma yana nuna ƙarfin sigina da ke ƙaruwa yayin da kake matsowa.

A ce ka dawo gida, ka zauna, ka laluba aljihu babu waya. Ka duba agogo ka ga jan hoton waya da aka ja wa layi, alamar haɗin ya yanke. Kada ka ɓata lokaci kana ɗaga matasan kujera, domin da wuya a ce wayar tana wannan ɗakin, sai fa idan cajinta ya ƙare. Tashi ka bi sawunka a hankali, ɗaki bayan ɗaki, kana tsayawa kamar rabin minti a kowane wuri, saboda haɗin ba ya dawowa a take. Idan ka isa kusa da mota sai alamar ta koma kore, ka taƙaita wurin nema ke nan. Yanzu ne za ka sa ta yi ƙara, ka buɗe ƙofar motar ka kasa kunne. Wayar da ta zame ƙarƙashin kujera sautinta a dushe yake fitowa, sai ka maimaita sau da yawa kana matsawa.

Idan ka zagaye ko'ina haɗin bai dawo ba, ragowar hanya ita ce ta intanet. Apple Watch na da manhajar Find Devices, wadda ke nuna inda aka ga wayar a ƙarshe, muddin agogon ya samu Wi-Fi ko yana da layin kansa. Mai Android zai iya shiga android.com/find a kowace kwamfuta da asusunsa na Google, ya sa wayar ta yi ƙara na minti 5 da cikakken sauti.

Idan agogo ne ya ɓace

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne gaggawa ke da amfani. Lasifikar agogo ƙarama ce, wasu ma ba su da ita sai dai su girgiza su haska fuska. Batirin manyan agogunan Apple da Samsung da Google kuma kwana ɗaya zuwa biyu ya saba yi. Da zarar ya mutu, babu ƙara babu girgiza, sai dai wurin da aka gan shi a ƙarshe. Wanda ya ce bari sai gobe ya nema, sau da yawa ya yi asarar damar da ta fi kowace.

A iPhone mai iOS 17 zuwa sama akwai maɓallin Ping My Watch, amma sai ka ƙara shi da kanka cikin Control Center. Idan agogon ba ya kusa, buɗe Find My, shiga Devices, zaɓi agogon, ka duba taswira, sannan ka taɓa Play Sound. Mai Galaxy Watch ya buɗe manhajar Galaxy Wearable ya zaɓi Find My Watch. Mai Pixel Watch ya yi amfani da manhajar Google da ake kira Find My Device a da, wadda ta koma Find Hub a 2025. A Garmin Connect ma akwai Find My Device a shafin agogon, sai dai ta Bluetooth kaɗai yake aiki.

Kafin ka sa shi ƙara, kashe talabijin da fanka, ka roƙi mutanen gida su yi shiru na ɗan lokaci. Agogon da ke girgiza a kan tebur ana jinsa daga nesa, amma wanda ya shige cikin bargo ko kwandon wanki sai ka zo daf da shi. Dabarar nan ta bin sawu tana aiki a nan ma: riƙe wayar, buɗe manhajar agogon, ka yi tafiya har ta nuna ya haɗu.

Game da taswira, ka duba lokacin da aka rubuta a ƙarƙashin wurin. Idan ya nuna awa uku da suka wuce, inda agogon yake a lokacin ke nan, mai yiwuwa ya riga ya bar wurin. Kuma ɗigon taswira zai iya nuna maka gini, amma ba zai nuna maka hawa ko ɗaki ba.

Abin da nake roƙon kowa ya kiyaye shi ne kada a cire agogon da ya ɓace daga asusu ko daga manhajarsa. A na Apple, cire shi yana kashe Activation Lock, makullin da ke hana wani haɗa agogon da wayarsa, kuma ba za ka ƙara ganinsa a taswira ba. Abin da ya dace shi ne ka sa shi a yanayin ɓata ta Find My, ka rubuta lambar da za a kira ka, ta fito a fuskarsa. Idan taswira ta nuna shi a gidan da ba ka sani ba, kai wa hukuma bayanin, kada ka je kai kaɗai.

Abin da ke sa maɓallin ya ƙi aiki

A ƙananan agoguna masu sauƙi da na motsa jiki, umarnin ƙara yana bi ne ta manhajar da ke kan waya. Wayoyin Android da yawa suna rufe irin wannan manhaja a ɓoye don tattalin batir, sai ka danna maɓalli a agogo, waya na gefenka amma ta yi gum. Shiga Settings, buɗe Apps, zaɓi manhajar agogon, ka sa amfani da batirinta a Unrestricted, ko abin da ya yi kama da haka a wayarka. Ka tabbatar an ba ta izinin sanarwa da na wuri. Daga nan ka kashe wa wayar sauti, ka ajiye ta a wani ɗaki, ka gwada daga agogo. Sannan ka juya, ka ajiye agogon ka neme shi da waya, don ka san irin sautin da yake yi da kuma nisan da kake iya jinsa.