Yadda za ka gane ko tallan sunanka a Google yana kawo ciniki, ko kuwa abin da ke hannunka kake saye

Mu ɗauki mai masaukin baƙi a Garwa. Yana da shafi, yana da alama a taswirar Google, kuma wani yaro mai ilimin kwamfuta ya buɗe masa talla a Google Ads. Idan matafiyi daga Yawunde ya rubuta sunan masaukin, abu biyu yake gani a wayarsa: a sama talla ne mai tambarin Sponsorisé, ƙasa da shi kuma shafin masaukin ne ya fito da kansa, ba ko sisi. Hanya biyu ce zuwa ƙofa ɗaya, ɗaya ta kuɗi, ɗaya ta kyauta. Yatsa kuwa abin da ya fi kusa yake dannawa.

Ƙarshen wata yaron zai zo da rahoto: «Alhaji, talla ta kawo baƙi 24.» Ba ƙarya ya yi ba, haka allon ya nuna. Sai dai allon bai faɗi nawa ne daga cikin 24 ɗin za su zo ko da babu tallar ba. Wanda ya rubuta sunanka da hannunsa ya riga ya san ka. Wataƙila ɗan'uwansa ne ya taɓa sauka a wurinka, ko direban mota ya gaya masa. Tambayar da za a bi ita ce: idan aka kashe tallar, mutum nawa za su ragu?

An taɓa gwada wannan a babban kamfani. A shekarar 2012 eBay ya tsayar da tallan sunansa a injinan binciken Yahoo da Microsoft, ya bar shi yana gudana a Google don kwatance. Masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, suka bi sakamakon, aka buga shi a 2015. Kusan duk waɗanda da suke danna talla sai suka koma danna layin kyauta, abin da ya ɓace bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Google ma ya fitar da nasa binciken a 2012, inda ya ce idan shafinka ne na farko a jerin kyauta, rabin dannawar talla ne kawai sabo, amma idan kana can ƙasa kusan dukkansu sabbi ne. Mai sayar da talla ke nan da bakinsa. To amma masaukinka ba eBay ba ne, don haka kada ka ari sakamakonsu. Ari hanyar gwajin.

Raba tallan suna da sauran

Kafin komai, shiga Google Ads ka buɗe rahoton Search terms, wato ainihin kalmomin da mutane suka rubuta. Ware duk wanda ke ɗauke da sunan masaukin, har da kuskuren rubutu, don a Kamaru suna ɗaya yana iya zuwa da rubutun Faransanci, da na Hausa, da na wanda ya ji shi da kunne kawai. Waɗannan su zauna su kaɗai a kamfe ɗaya, wato rukunin talla mai kasafin kuɗinsa daban. Kalmomi irin hôtel Garoua, na wanda bai san ka ba tukuna, su zauna a wani kamfen daban, kuma gwajin nan bai shafe su ba.

Sannan ka saka sunanka cikin Negative keywords na sauran kamfe ɗin, wato jerin kalmomin da ka hana talla ta fito a kansu. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Ka kashe tallan suna, amma wani kamfe mai faɗin kama kalma, musamman Performance Max, ya ci gaba da fito da talla a kan sunanka ba ka sani ba. Sai ka yi makonni kana auna kashewar da ba a kashe ba. Idan kana da Performance Max, cire sunanka daga cikinsa kafin ka fara.

Duba wa ke tsaye a kan sunanka

Ka tabbatar shafinka yana cikin Google Search Console, mai ƙirga fitowar shafi a jerin kyauta, wanda shi ma kyauta ne. A sashen Performance, tace da sunan masaukin, za ka ga sau nawa aka nuna ka, sau nawa aka danna, da matsayinka. Idan ba kai ne na ɗaya a kan sunanka ba, dakata da gwajin ka gyara wannan tukuna, don wanda ba ya sama a jerin kyauta yana bukatar talla ba sai an auna ba. Idan ka haɗa asusun Search Console da na Google Ads, Google Ads zai ba ka rahoton Paid and organic, mai jera na kuɗi da na kyauta gefe da gefe.

Sai ka buɗe Auction insights a kamfen sunan. Shi ke nuna waɗanda ke sayen talla a kan kalmar da kake saye. Duba shi yanzu, tun tallar tana gudana, don da zarar ka kashe ba zai ƙara nuna maka sabon abu ba. Idan babu kowa, akwai alamar kuɗinka kake ƙonawa. Idan akwai wani masauki, ko manyan shafukan kama ɗaki, magana ta canza, za mu dawo kanta.

Kunna, kashe, ƙirga jimilla

Manyan kamfanoni suna raba ƙasa gida biyu, su kashe talla a wasu garuruwa su bar ta a wasu. A wurinmu wannan da wuya ya yi aiki. Masu neman sunanka ba su da yawan da za a raba, kuma garin da Google ke tsammanin mai waya yake ba kullum ne daidai ba. Abin da ya fi dacewa da ƙaramar sana'a shi ne raba lokaci: mako ɗaya a kunne, mako ɗaya a kashe, a yi ta juyawa har mako takwas. Kowane ɓangare ya samu huɗu.

Me ya sa ba wata guda a kunne, wata guda a kashe ba? Saboda watanni ba su kama da juna. Azumi na rage tafiya, Sallah na ƙara ta, lokacin rani masu zuwa gandun dajin Benuwe na cika gari, damina kuma hanya kan yi wuya. Juyawa mako mako tana raba waɗannan tsakanin ɓangarorin biyu, har da ƙarshen wata da albashi ke shiga. Makon Sallah dai a tsallake shi gaba ɗaya. Idan layin waya ya ɗauke kwana biyu, rubuta a littafi, ka maimaita makon. Kuma kada a canza farashin ɗaki ko a sa sanarwa a rediyo ana tsakiyar gwaji.

Abin da ake ƙirgawa jimilla ce: dannawar talla haɗe da dannawar kyauta, sannan ciniki gaba ɗaya. Cinikinmu ba a shafi yake ƙarewa ba, a kira da WhatsApp yake ƙarewa, a turo kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo. Don haka littafin mai karɓar baƙi ya fi kowane allo muhimmanci: kowace rana, kira nawa, saƙo nawa, ɗaki nawa aka kama. Kada ka dogara da tambayar baƙo «ta ina ka same mu?» Zai ce Google, kuma gaskiya ya faɗa, amma bai san ko talla ya danna ko layin kyauta ba. Kiran da ake yi kai tsaye daga taswira yana cikin asusun Google Business Profile, a ɗauko shi ma. Alƙaluman Search Console kan yi jinkirin kwana biyu, a bari su cika.

Lissafin, da alƙaluman misali

A ce cikin makonni huɗun da tallar ke kunne an danna ta sau 480, an danna layin kyauta sau 320, jimilla 800. Kowace dannawa sefa 50, wato an kashe sefa 24,000. A ce kuma mutum ɗaya cikin 20 ne ke kama ɗaki, ribar kowane baƙo sefa 10,000. Daga nan 24 ɗin yaron suka fito, kowane baƙo a kan sefa 1,000. Wa zai ƙi wannan ciniki?

Yanzu makonni huɗun kashewa: talla babu, layin kyauta ya tashi zuwa 770. Abin da tallar ta ƙara ke nan dannawa 30, sauran 450 naka ne tun asali. Dannawa 30 baƙo ɗaya ne ko biyu, ribar kusan sefa 15,000, an biya 24,000 a kanta. Asara ce, ko da rahoto yana nuna riba.

Kafin ka yarda da 30 ɗin ma, duba yadda makonni ke bambanta da kansu. Idan makonnin kunne sun ba da 185, 215, 190 da 210, to sama da ƙasa na yau da kullum ya haɗiye bambancin, ba za ka iya rantsuwa cewa tallar ta ƙara komai ba. Duba kuma Impressions a Search Console, wato yawan lokutan da aka nemi sunanka aka gan ka. Idan ya faɗi a makonnin kashewa, masu nema ne suka ragu, ba laifin kashewar ba ne. Raba jimillar dannawa da wannan adadi a kowane ɓangare, ka kwatanta kason.

Idan akwai mai jiran ka kauce

Sakamakon zai iya zuwa daban. A ce da ka kashe, jimilla ta faɗi daga 800 zuwa 560, kuma ka bincika sunanka a wayar wani ka ga tallan wani masauki zaune a sama. A ƙaramin allon waya, talla ɗaya ko biyu sun isa su tura layinka ƙasa. Dannawa 240 da suka ɓace baƙi 12 ne, ribar sefa 120,000. A nan 24,000 kuɗin gadi ne, kuma ya biya kansa sau biyar. Mayar da tallar, ba sai mako takwas sun cika ba.

Shafukan kama ɗaki nasu lissafin daban ne, shi ya sa na nace a kan littafi. Idan su ne suka hau saman sunanka, baƙon zai iya zuwa wurinka duk da haka, sai dai ta hannunsu, ka biya kamasho. Yawan ɗakunan da aka kama ba zai motsa sosai ba, dannawa za ta faɗi, kuɗin kamasho ya tashi. Abin kwatantawa shi ne ƙarin kamashon makonnin kashewa da kuɗin tallar makonnin kunnawa. Wanda ya fi sauƙi shi za ka biya.

Idan gwaji ya nuna a kashe, kada ka goge kamfen, tsayar da shi kawai. Sau ɗaya a mako, bincika sunan masaukin da Ad Preview and Diagnosis, sashen Google Ads mai nuna abin da mai bincike ke gani, ko a wayar da ba taka ba, ka ga ko wani ya shigo. Sefa 24,000 ɗin kuma a mayar da su kan masu rubuta hôtel Garoua, waɗanda ba su zaɓi wurin kwana ba tukuna, su ma a gwada su da kunnawa da kashewa kafin a ƙara musu kuɗi.