Darasi: Yadda ake zaɓa wa hamza kujera

Hamza (ء) baƙi ce mai sautin kanta, wato ɗan tsayawar da maƙogwaro ke yi a tsakiyar sunan A'isha. A rubutun Larabci ana ɗora ta kan alif (أ), ko wau (ؤ), ko ya marar ɗigo (ئ), wani lokaci kuma a ajiye ta ita kaɗai a kan layi. Waɗannan baƙaƙen uku kujeru ne kawai, ba a furta su. Idan ka ga ؤ, hamza za ka karanta, kada ka ce "wa".

Farkon kalma ba ya ba da wuya, kujerar alif ce kullum. In wasalin fataha ne ko rufu'a, hamza ta hau bisa, kamar a أَحْمَد. In kasara ce ta sauka ƙasa, kamar a إِبْرَاهِيم.

A tsakiyar kalma ne aikin yake. Wasula biyu za ka duba: na hamzar kanta, da na baƙin da ke gabaninta. Wanda ya fi ƙarfi shi ke zaɓen kujera. Kasara ce babba, sai rufu'a, sai fataha, ɗauri ne na ƙarshe. Kujerar kasara ya ce, ta rufu'a wau, ta fataha alif.

Mu ɗauki kalmomi uku masu tushe ɗaya. A "sa'ala", wato ya tambaya, sin na da fataha, hamza ma fataha, babu mai ja da wani, sai a rubuta سَأَلَ. A "su'ila", an tambaye shi, sin na da rufu'a, hamza na da kasara. Kasara ta rinjaya, hamza ta hau ya: سُئِلَ. To sai "su'al", tambaya. Nan ne ɗalibai da yawa ke faɗuwa, don kunne ya ji hamza da fataha, hannu sai ya nufi alif. Dakata ka waiwayi sin. Rufu'a gare ta, rufu'a kuwa ta fi fataha, saboda haka wau ce kujerar: سُؤَال. Alif ɗin da ya biyo baya na jan sauti ne. Haka عَائِشَة ta samu ya, don kasarar hamzarta.

Akwai abin da ya shafe mu musamman a nan Maradi. Yawancinmu da ruwayar Warshu muka yi karatun allo, Warshu kuwa yakan sassauta hamza mai ɗauri a wurare da yawa. Shi ya sa bakinmu ya saba da "mumin" da "bir", har mutum ya zo rubutu ya bar wau da ya tsirara. A Larabcin wasiƙa da littafin makaranta, hamzar na nan: مُؤْمِن a kan wau saboda rufu'ar mim, بِئْر, rijiya, a kan ya saboda kasarar ba. Kada kuma ka gyara Alƙur'ani da wannan ƙa'idar, rubutunsa na da tsarin kansa.

Wurare kaɗan ne ba sa bin awon ƙarfi. Hamza mai fataha bayan alif na ja, a kan layi take zama: قِرَاءَة, karatu. Haka ma bayan wau na ja: مُرُوءَة. Amma bayan ya mai ɗauri sai a ta da mata ɗan haƙori ta hau: هَيْئَة.

A ƙarshen kalma ka manta da wasalin hamza, baƙin da ke gabaninta kaɗai ke da magana. Bayan fataha, alif: قَرَأَ. Bayan kasara, ya: شَاطِئ, bakin gulbi. Bayan rufu'a, wau: لُؤْلُؤ. In kuwa ɗauri ne ko wasali mai ja, sai ta sauka kan layi: مَاء, ruwa, da شَيْء, abu. Wannan ta ƙarshen an fi ɓata ta, ana ɗora hamzar kan ya. Faɗi kalmar a hankali: "shai'". In har ka ji ya a bakinka, to baƙi ce mai aiki, hamza sai ta biyo bayanta.

Da zarar an liƙa wa kalma wani abu a ƙarshe, hamzar ta koma tsakiya, awo ya dawo. "Ruwansa" kan fito da fuska uku gwargwadon wasalin hamzar: مَاؤُهُ da مَائِهِ da مَاءَهُ.

Aikin gida: rubuta waɗannan da baƙaƙen Larabci a littafinka, ka sa kowane wasali tukuna kafin ka zaɓi kujera: Fu'ad, ra'is (shugaba), ra's (kai), du'a', juz', mas'ala. Kusa da kowace kalma, rubuta wasulan da ka duba da wanda ya rinjaya, ka kawo wa malam a zama na gaba.